Me ya sa kullum dila ne mai wayo, zaki kuma mai girman kai? Tambayoyi da amsoshi kan dabbobin tatsuniya

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan yi kan dabbobin da ke cikin tatsuniyoyi da labarun hikima na da. Na fi tsayawa kan dila da zaki, saboda in ka gane waɗannan biyun to sauran ba za su ba ka wuya ba.

Wai me ya hana a kawo mutane kai tsaye, sai an bi ta kan dabbobi?

Dalili na farko shi ne saurin aiki. Irin wannan labarin gajere ne, wani ma bai wuce layi biyar ba, babu lokacin da mai labari zai tsaya yana gaya maka wane ne wannan, ɗan gidan wa ne, me ya faru da shi yana yaro har ya zama maƙetaci. Amma da an ce "wata rana dila ya haɗu da zaki" shikenan ka riga ka san waye mai ƙarfi, waye mai baki, kuma ka san akwai wanda za a yi wa wayo kafin a tashi. In da cewa aka yi wani mutum ya haɗu da wani mutum ai ba ka san komai ba tukuna. Wani marubuci Bajamushe mai suna Lessing ya yi wannan bayanin tun 1759, a ganinsa amfanin dabba a labari shi ne kowa ya san halinta kuma halin ba ya canzawa, to sunanta kaɗai ya wadatar.

Dalili na biyu shi ne tsira da kai. Phaedrus, wanda ya rubuta irin waɗannan labaran da Latin a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, kuma shi kansa ƴantaccen bawa ne, ya faɗa a fili cewa bayi ne suka ƙirƙiro wannan salon saboda ba su isa su faɗi abin da ke ransu ɓaro-ɓaro ba. Shi ma Aesop ɗin da ake jingina wa yawancin labaran Girka, marubucin tarihin Girka Herodotus ya ambace shi a matsayin bawa a tsibirin Samos, wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Ka ce mai mulki azzalumi ne ka kwana a ɗaure, ka ce zaki ya cinye rabon kowa a yi dariya, kuma duk wanda ke wurin ya san da wa kake. In an tsare ka ka ce ai ni labarin zaki na bayar.

To zaki wane irin mutum yake wakilta? Mai girman kai ne kawai?

Nan ne nake ganin mutane da yawa ke tsayawa a rabin hanya. Ana cewa zaki girman kai, dila wayo, kura kwaɗayi, kamar jerin halaye ne aka raba wa dabbobi aka ce kowa ya riƙe nasa. Amma in ka duba labaran da kyau za ka ga abin da dabbar ke nunawa ya fi kusa da matsayi, wato ina take tsaye in ana maganar iko. Zaki shi ne wanda babu mai ce masa don me. Girman kan nasa daga nan ya fito, don wanda ba a taɓa musa masa ba dole ya ɗauka duk abin da ya faɗa daidai ne. Shi ya sa a wani labarin za ka ga zaki mai adalci ne har ya yafe wa ɓera, a wani kuma azzalumi ne, a wani ya tsufa har jaki na harbinsa. Halin yana motsawa kaɗan, kujerar ce ba ta motsi.

Dila kuma shi ne wanda ke zaune kusa da mai iko amma ba shi da ƙarfin kare kansa. Ba shi da faratan zaki, ba shi da girman giwa, kuma bai yi nisa da fada ba balle a manta da shi. Me ya rage masa? Baki da lissafi. Wayonsa ba ado ba ne, da shi yake kwana da rai. Mutanen zamanin da sun san wannan rabon sosai, Cicero masanin Rum ya ce cuta iri biyu ce, ta ƙarfi wadda ta zaki ce da ta yaudara wadda ta dila ce, daga baya Machiavelli, marubucin siyasa na Italiya, ya zo ya juya maganar ya ce mai mulki sai ya iya zama duka biyun, don zaki ba ya ganin tarko, dila kuma ba ya iya korar kyarkeci.

A ba mu misali guda a warware shi mana

To ga labarin rabon nama, yana da siga da yawa amma bari mu ɗauki wadda ta shahara a littattafan Larabci. Zaki da kyarkeci da dila suka fita farauta tare, suka kamo jakin dawa da barewa da zomo. Zaki ya ce wa kyarkeci raba mana. Kyarkeci ya ce ai abin a fili yake, jakin dawa naka, barewa tawa, zomo na dila. Zaki ya kai masa mari ɗaya sai ga kai a ƙasa. Ya juyo ya ce dila raba mana. Dila ya ce ranka ya daɗe, jakin dawa na rana, barewa na dare, zomon kuma ka ɗan taɓa a tsakani. Zaki ya ce kai, wa ya koya maka rabo mai kyau haka? Dila ya ce kan kyarkecin nan da ke ƙasa.

Yanzu duba yadda aka gina shi. Abu na farko, rabon kyarkeci ba rabon banza ba ne, ya ma ba zaki mafi girma, babba ga babba ƙarami ga ƙarami, in a gaban alƙali ne babu wanda zai ce ya yi son kai. Laifinsa ɗaya, ya ɗauka da gaske ake da aka ce "tare" aka fita farauta, har ya iya buɗe baki ya ce "tawa" a gaban zaki. Shi ne mutumin da ke da ɗan ƙarfi, ƙarfin ya isa ya sa shi jin yana da haƙƙi amma bai isa ya kare haƙƙin ba, kuma a irin waɗannan labaran wannan na tsakiyar shi ne ke shan wuya kusan kullum.

Abu na biyu, zaki bai ce a ba shi duka ba. Umarni ya bayar a raba. Yana so ya cinye komai kuma yana so wani ya furta da bakinsa cewa hakan ne daidai, to girman kai na gaske kenan, ba a ƙwace kawai ba, sai an yaba wa mai ƙwacen. Tambayar da ya yi a ƙarshe ma tana nuna ya yarda rabon dila gwaninta ce.

Abu na uku, dila ya tashi da me? Ko ƙashi bai samu ba. Wannan yana da muhimmanci ga masu ɗaukan cewa dila kullum shi ke cin riba. Abin da ya samu ransa ne, da kuma magana ɗaya mai kaifi wadda ta faɗi gaskiyar abin da ya faru a gaban wanda ya aikata, ba tare da an iya kama shi da laifi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuma in ka lura dila a nan yana yin aikin da mai ba da labarin kansa yake yi, yana faɗin gaskiya a lulluɓe.

A sigar Girka jaki ne a madadin kyarkeci, shi kuma kashi uku daidai wa daida ya yi, sai labarin ya ɗan sauya ɗanɗano, ya zama na mai sauƙin kai wanda bai san duniya ba. Jalaluddin Rumi kuwa a ƙarni na 13 ya ɗauki labarin nan ya karanta shi ta fuskar sufanci, inda laifin kyarkeci ya zama cewa "ni" da "nawa", kuma a wurinsa zaki ya mayar wa dila da naman duka tunda ya miƙa wuya. Dabbobin ba su canza kujera ba, abin da aka ɗora a kansu ne ya canza.

Dila ne ko yanyawa? Na ga wasu na cewa ba ɗaya ba ne

Ba ɗaya ba ne, dangi ne dai. A labaran Girka da na Turai yanyawa ce, irin mai jan gashi da jela buzu-buzu. A na Indiya dila ne, kuma Kalila da Dimna da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci daga tsohon Farisanci wajen shekara ta 750 sunayen diloli biyu ne a fadar zaki. Aikin da suke yi a labari iri ɗaya ne shi ya sa na bar shi a dila, malamin daji.

Da gaske halin dabbobin kenan a daji, ko sharri aka yi musu?

Rabi da rabi, wani wurin ma sharrin ya fi yawa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki abu ɗaya da ido ke gani a jikin dabba sai a fassara shi da ma'anar ɗan adam. Dila yana yawo da dare, yana sanɗa, yana shiga inda aka rufe ya fita ba a gan shi ba, yanyawa ma har binne ragowar abinci take yi ta dawo daga baya, to manomi ko makiyayi da ya wayi gari an yi masa ɓarna me zai kira wannan in ba wayo ba. Zaki kuma ga geza, ga gurnani da ake ji daga nesa, ga tafiyar ƙasaita, yana kwance mafi yawan yini, kuma sau da yawa matan ne ke yin farauta shi ya zo ya fara ci. Duk wanda ya taɓa ganin mai mulki ya ga wannan ai ba sai an yi masa bayani ba. Amma zaki ba girman kai yake yi ba, hutawa yake don farauta na cin ƙarfi.

Wadda aka fi zalunta ita ce kura. A labari ita ce matsoraciya, mai haɗama, mai jiran saura, wadda ake yi wa wayo da abu kaɗan. Masanin dabbobi Hans Kruuk ya bi kuraye masu dabbare-dabbare a dazukan Serengeti da Ngorongoro na Tanzaniya, ya fitar da bincikensa a 1972, ya nuna yawancin abin da suke ci su suke kamawa da kansu, kuma a Ngorongoro sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace abin da kura ta kashe. Wato ɓarawon shi aka naɗa sarki. Hankaka ma haka, a labarin da ya fi shahara shi ne wawan da dila ya zuga ya buɗe baki zai yi waƙa abin da ke bakinsa ya faɗi, alhali dangin hankaka suna cikin tsuntsaye mafi basira, a 2009 an gwada wasu daga cikinsu a Ingila aka ga suna jefa duwatsu cikin bututu don ruwa ya taso su kai ga tsutsa. Abin dariya akwai wani tsohon labarin na Aesop da hankaka ke yin daidai wannan da tulu, ka ga ko a wuri ɗaya ba a gama yanke masa hukunci ba.

In haka ne me ya sa a wasu wuraren ba dila ne mai wayon ba?

Saboda kujerar ce dole, wanda zai hau ta kuwa kowace al'umma tana ɗauko shi daga dabbobin da ta sani. A tatsuniyoyin Hausa Gizo ne ya fi riƙe ta, a wurin Akan na Ghana Anansi ne shi ma gizo-gizo, Yarabawa da Ibo kunkuru, a gabashin Afirka zomo, a Malesiya da Indonesiya wata ƴar ƙaramar dabba mai kama da gada. Duba su duka, babu babba a ciki. Ba za ka taɓa jin giwa ce mai dabara ba don ba ta buƙata.

Kujerar sarki ma haka. A Sin damisar Asiya ce, irin mai ratsi-ratsi, kuma suna da wani tsohon labari da nake so ƙwarai: ta kama yanyawa za ta cinye, yanyawa ta ce kul, ni aka naɗa shugaban dabbobi, in ba ki yarda ba biyo ni a baya ki gani. Suka shiga daji kowa ya gan su sai ya arce, ita damisa ba ta gane ita ake gudu ba. Har yau Sinawa na amfani da wannan a kan mai tsorata mutane da ƙarfin ubangidansa. Sauya damisa da zaki, sauya yanyawa da dila, babu abin da ya lalace.

Sai dai akwai dabbobin da ke sauya hali gaba ɗaya in sun ƙetare iyaka. Zomo a labarin tsere da kunkuru shi ne mai cika baki da raini, amma a labarin Indiya shi ne ya kai zaki bakin rijiya ya nuna masa inuwarsa a ruwa ya ce ga wani zakin da ke ja da kai, zaki ya daka tsalle ya faɗa. Bambancin shi ne wa aka haɗa shi da shi, a gaban kunkuru zomo ne mai fifiko sai ya ɗauki girman kai, a gaban zaki shi ne ƙarami sai ya ɗauki wayo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka maganar matsayi ce. Mujiya kuma Girkawa sun ɗauke ta alamar hikima, a wurare da yawa kuwa tsuntsuwar da ake gudu ce.

Gizo da dila ai duk wayo ne, meye bambancinsu?

Akwai, kuma ba ƙarami ba. Wayon dila mai sanyi ne, yana kallo yana lissafi, sau da yawa ma abin da yake yi shi ne ƙin shiga. Ka tuna zakin da ya tsufa ya kwanta a kogo ya ce ba shi da lafiya, dabbobi na zuwa dubiya yana cinye su ɗaya bayan ɗaya, dila ya tsaya daga waje yana ya jiki, aka ce shigo mana, ya ce na ga sawun masu shiga da yawa ban ga na masu fita ba. Ba wanda ya cuta a nan, ido kawai ya buɗe.

Gizo kuwa cikinsa ne ke jan wayonsa. Shi ke ƙulla abin da kansa, ya yi ƙarya, ya ci amana, har Ƙoƙi ba ta tsira ba, kuma sau da yawa haɗamar tasa ce ke tona shi a ƙarshe ya sha kunya ya gudu. Dila ya fi kama da bafade ko mai ba da shawara, Gizo kuma ɗan duniya ne wanda kowa ya san irinsa, ana jin haushinsa ana kuma dariya.

Ba koya wa yara yaudara ake yi ba kuwa, tunda mai wayo ke cin nasara?

Wannan ƙorafin ya daɗe. Masanin falsafa Rousseau a 1762 ya ɗauki labarin hankaka da yanyawa na mawaƙin Faransa La Fontaine, wanda kundinsa na farko ya fito a 1668, ya bi shi layi-layi ya ce yaro ba zai ɗauki darasin kar ka yarda da mai zuga ba, zai ɗauki darasin zuga tana kawo abinci, don babu yaron da ke son zama hankaka. Kuma gaskiya yana da hujja, ka ba yara labarin ka tambaye su wa suka fi so ka ji.

Amma ni a ganina kuskuren yana wurin ɗaukan labaran a matsayin wa'azi. Yawancinsu ba cewa suke ga yadda ya kamata duniya ta zama ba, cewa suke ga yadda take, ka kula. Da farko ma ba don yara aka yi su ba, masanin falsafar Girka Aristotle ya kawo su ne a cikin kayan aikin mai jawabi a gaban jama'a, har ya ba da misalin yanyawar da kaska suka rufe ta, bushiya ta ce bari in cire miki, ta ce bar su, waɗannan sun ƙoshi, in kin cire su masu yunwa ne za su zo. Maganar masu riƙe da dukiyar jama'a ake yi a wurin, ba hirar yara ba ce. Kuma ba kullum mai wayo ke tsira ba, Dimna ya haɗa zaki da sa faɗa har aka kashe san, amma a sigar Larabci an gurfanar da shi an yanke masa hukunci.

Ina wannan salon yake gazawa?

Dabbar labari ba ta tuba kuma ba ta girma. Kura ba za ta taɓa koyon ƙoshi ba, in ta koya to labari na gaba ya mutu. Wannan shi ne ƙarfin salon kuma shi ne iyakarsa, don mutum na gaske yana iya zama zaki a gidansa da safe ya zama dila a gaban maigidansa da rana, ya kuma canza bayan shekara goma. Labarin yana kama yanayi ɗaya ne, ba ya kama mutum gaba ɗayansa. Inda abin ke zama haɗari shi ne a ɗauki rigar dabba a saka wa ƙabila ko zuri'a gaba ɗaya, a ce su wane ai kuraye ne, don saƙon da ke ƙarƙashi shi ne haka aka halicce su ba za su sauya ba.

Ina so in rubuta nawa, ya zan san na zaɓi dabbar da ta dace?

Ka fara da rikicin kafin dabba: wa ke da iko, wa ke buƙatar wani abu, wa zai yi asara. Sannan ka yi gwajin musanya. Koma labarin rabon nama ka sa dila a wurin zaki, nan take ya rushe don dila ba ya iya cire kan kowa da mari ɗaya. Ka sa giwa a wurin dila, ya rushe don ba ta da dalilin jin tsoro. Ka sa kura a wurin kyarkeci, wannan ya zauna daram, don kujerarsu ɗaya. In ka musanya dabbobinka duka labarin bai ji komai ba to ba su yi aikin komai ba, mutane ne kawai ka saka wa jela.

Sai kuma ka bar dabbar ta yi amfani da jikinta. Zaki ya faɗa rijiya ne saboda bai jure ganin wani zaki ba, hankaka ya yi asara ne saboda da baki yake riƙe abu kuma da baki yake kuka, dila ya karanta sawu ne saboda a ƙasa hancinsa yake. Kuskuren da sababbin marubuta suka fi yi shi ne su rubuta "dila mai wayo ya ce" ko "zaki mai girman kai ya amsa", wannan maimaici ne, mai karatu ya riga ya sani tun daga sunan. Dabba biyu ko uku sun isa, in sun kai biyar to sai ka fara bayanin waye waye, kuma gudun bayanin ne ya sa aka ɗauko dabbobin tun farko.